Motar rarraba kaya: nawa za ka biya da hannu, nawa banki zai cika?

Wanda yake raba biredi ko ruwan leda ko katan-katan daga kasuwar Singa ta Kano zuwa shagunan unguwa, wata rana sai ya gaji da kuɗin haya, ya ce gara ya mallaki tasa. Matsalar ita ce kuɗin hannu ba kasafai yake kaiwa ba, dole sai an haɗa da banki. A nan ne nake ganin mutane suna kuskuren da ke ba ni takaici: su kwashe duk abin da suka tara su zuba a kafin alƙalami, motar ta iso gida ba lamba, ba inshora, ba ko kuɗin mai.

Fara da girman motar. Idan kayanka marasa nauyi ne kuma lunguna kake shiga, Suzuki Every ko Daihatsu Hijet ta ishe ka, ba ta shan mai. Idan kana fita Wudil ko Bichi da kaya masu nauyi, Toyota Hiace ta fi juriya, kayan gyaranta kuma ba su da wahalar samu. Sai dai ka tambayi bankin tun kafin ka ɗora rai, domin ba kowane banki ne yake bayar da bashi a kan tsohuwar mota ba.

Mu ɗauki misali. Motar naira miliyan 10 ce, kai kuma kana da miliyan 5. Kana iya biyan biyar ɗin duka ka ci bashin biyar, ko ka biya huɗu ka ci bashin shida, ka riƙe miliyan ɗaya. A ce bankin ya sa kuɗin ruwa kashi 30 a shekara, ana lissafa shi a kan abin da ya rage na bashin, na wata 24. Bashin miliyan biyar zai riƙa cin kusan naira 280,000 a wata, na shida kuma kusan 335,000. Bambancin 55,000 ne, ba kaɗan ba ne, amma ni na biyun zan zaɓa.

Dalilina shi ne abin da ke jiran miliyan ɗayan nan. Muddin banki yana da kuɗi a motar, ba zai yarda da inshorar nan mai araha da ake nuna wa jami'an hanya ba, cikakkiya zai nema. Tun Janairun 2023 hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta ce cikakkiyar inshora kada ta gaza kashi 5 na darajar mota, wato naira 500,000 a misalinmu, kuma duk shekara ake sabuntawa. Ga ladan banki na shirya bashin, wanda kan kai kashi ɗaya, 60,000 ke nan. Wani bankin zai ce sai an saka na'urar bin sawu, kai za ka biya. Sannan rajista: lamba, lasisin mota, shaidar mallaka, takardar lafiyar mota daga VIO, da izinin ɗaukar kaya. Farashin ya bambanta daga jiha zuwa jiha, saboda haka ka taka da ƙafarka zuwa ofishin lasisi na hukumar haraji ka ga jadawalin, kada ka dogara da bakin ɗan kamasho. Motar kasuwanci lamba mai jan rubutu ake ba ta. Abin da ya saura, tayoyi da batir da juyen mai za su lashe shi.

Wajen kwatanta bankuna akwai tarko. Wani zai ce maka nasa kashi 20 ne kacal, amma a kan uwar kuɗin gaba ɗaya yake lissafawa har ƙarshe, ko da ka biya rabi. A bashin miliyan shida na shekara biyu, wannan ya kama miliyan 2.4, alhali mai kashi 30 ɗin can bai wuce kusan miliyan 2.05 ba. Don haka ka bar kallon kashi, ka ce a rubuta maka jimillar abin da za ka biya daga farko zuwa ƙarshe, da tarar jinkiri, da abin da zai faru in ka so biya da wuri.

Mai gudun kuɗin ruwa yana da hanyar murabaha a bankuna irin su Jaiz da TAJBank. Bankin ne zai sayi motar ya sayar maka da ribar da kuka amince tun farko, farashin kuma ba ya motsi ko da kuɗin ruwa ya tashi a kasuwa. Ba lallai ta fi sauƙi ba, ita ma jimillarta za ka ajiye kusa da sauran ka auna, har da kuɗin takaful, wato inshorar Musulunci.

Kafin ko sisi ya fita, ka je da bakanikenka, ka sa shi ya goge dattin da ke kan lambar shasi ku karanta ta harafi-harafi kuna duba takardar kwastan. Harafi ɗaya ya saɓa, ka haƙura da motar komai kyanta, domin in aka kama ta a hanya tana ajiye ne, banki kuwa ranar da aka sa zai cire kuɗinsa.