Gano gurbin furucin tsayau: kallon fashewa ko bin lanƙwasar fomant?

Ka ɗauki muryar Bakano yana cewa bara, dara, gara, ka buɗe a Praat, manhajar nazarin sautin magana. Rufewar baki gaba ɗaya farin gibi ce a sifektirogiram, wato hoton sautin da manhajar ke nunawa, wani lokaci da ɗan duhu a ƙasa saboda karkarwar tantanin maƙwallato. Ta nuna maka tsayau ne, amma gurbinsa sai ka nema ta ɗayan hanyoyi biyu.

Ta farko ita ce fashewar iska, wadda sau da yawa ba ta wuce milisakan 20. Ta /b/ rarrauna ce, ƙarfinta a ƙasa. Ta /d/ ta fi taruwa sama, wajen 4000 Hz. Ta /g/ dunƙulalliya ce a tsakiya. Hanya ce mai sauri, sai dai in a bakin Kasuwar Kwari ka yi ɗaukar, ƙarar janareta da keke napep za ta cinye fashewar /b/ ɗungurungum.

Ta biyu, bin lanƙwasar F2 cikin milisakan 50 na farkon wasali. Fomant su ne baƙaƙen layukan da wasali ke yi a sifektirogiram; F2 ita ce ta biyu daga ƙasa, F3 ta uku. A bara tana hawa daga ƙasa, a dara tana gangarowa daga wajen 1800 Hz, a gara kuwa F2 da F3 sukan faro kusa da juna sannan su rabu. Wasali yana da ƙarfi, don haka wannan ta fi jure hayaniya, kuma ita na fi amincewa da ita. Inda take yaudara shi ne in an sauya wasali: a /di/ F2 hawa take, a /du/ sauka, alhali baƙin ɗaya ne. Kada ka gwada dila da duma, sai kalmomi masu wasali iri ɗaya.