Wata goma sha huɗu da kamfanin talla: abin da muka samu da abin da muka bari a hannunsu

Kamfaninmu yana sayar da jakunkuna ta intanet. Lokacin da ma'aikatanmu suka kai goma sha takwas, ni ce har yanzu nake zama da dare ina saka talla a Facebook da Instagram, ina danna abin da ban gama fahimta ba. Abokin kasuwancina ya ce mu ɗauki ma'aikacin talla, ni kuwa na ce mu ba kamfanin talla kwangila, don ba mu ma san irin tambayar da za mu yi wa mai neman aikin ba. Maganata aka bi. Mun yi wata goma sha huɗu da su.

Yarjejeniyar ita ce za su riƙa karɓar kashi 15 cikin 100 na duk kuɗin da aka kashe a talla, kuma duk wanda zai janye sai ya ba da sanarwar kwana 60. Na sa hannu ba tare da na tsaya a kan ko ɗaya daga cikin biyun ba.

Gaskiya sun iya aiki, ba zan tauye musu haƙƙi ba. A makon farko suka nuna mini wani kuskure da na shekara ina yi. Na rarraba kuɗina a rukunonin talla goma sha biyu, kowanne yana kawo ciniki biyu ko uku a mako. Suka bayyana mini cewa tsarin Meta, kamfanin da ya mallaki Facebook da Instagram, yana buƙatar kimanin sakamako 50 a cikin kwana 7 a kowane rukuni kafin ya gama koyon irin mutanen da zai nuna wa tallar. Nawa ba su taɓa kusantar haka ba, kullum cikin lalube suke. Suka haɗe su zuwa rukuni biyu, suka kawo mai ɗaukar bidiyo da mai rubuta kalaman talla, suna gwada sabbin bidiyo huɗu ko biyar kowane wata. Ciniki ya tashi a idonmu. Wannan kam ba abin da mutum ɗaya zai yi mana ba ne a lokacin.

Matsalar ta fito ne a wata na tara, daga wani lissafi da bai kai minti goma ba. Rahotonsu na wata ya ce tallar Meta ta kawo ciniki 280, ta Google ta kawo 190. Jimla 470 ke nan. Na buɗe littafinmu na ga duk cinikin da muka yi a watan 500 ne cif. Wato ciniki 30 kacal ya zo ba ta hanyar talla ba? Ai kafin su zo muna yin kusan 200 a wata, da yawa daga tsofaffin masu saye da waɗanda aka ba su labarinmu. Ina waɗannan suka shiga?

Ba ƙarya suka yi ba, kuma wannan ne ya fi ba ni haushi. Kowane dandali yana ƙirga wa kansa ne. A yadda aka saita namu, Meta tana ɗaukar ciniki a matsayin nata idan mutum ya danna talla cikin kwana 7 kafin ya saya, ko ma ya gan ta kawai cikin kwana 1. To mace ta ga jaka a Instagram ranar Litinin, ranar Laraba ta rubuta sunan kamfaninmu a Google, ta danna tallar da ke sama, ta saya. Ciniki ɗaya ne, amma Meta ta rubuta ɗaya, Google ma ta rubuta ɗaya. Ga kuma kuɗi mai yawa da ake kashewa wajen bin mutanen da suka riga suka sa kaya a kwando, waɗanda da yawansu dama za su dawo.

Na ce a kashe waɗannan tallace-tallace biyu na mako biyu: na bin tsofaffin baƙi, da na masu neman sunanmu a Google. Sun ɗan ja, suka ce lambobi za su faɗi. Kuɗin talla ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku, ciniki kuwa bai ragu da ko kashi ɗaya cikin goma ba. Mako biyu ba hujja ce cikakkiya ba, na sani, amma ya ishe ni in gane cewa wanda ladansa ke ƙaruwa da yawan kuɗin da na kashe ba shi zai zo ya ce mini in rage ba. Ba mugunta ba ce, haka na tsara musu abin da hannuna.

Da muka yanke shawarar rabuwa sai na gamu da abin da ya fi ciwo. Asusun tallar Meta su suka buɗe mana a ƙarƙashin kamfaninsu, haka ma Meta Pixel ɗin da ke shafinmu yana tattara bayanan masu saye. Asusun da aka buɗe a ƙarƙashin wani kamfani ba ya komawa wani. Tarihin talla na fiye da shekara ya zauna a wurinsu, muka buɗe sabo daga tushe, muna kuma biyan su na kwana 60 ɗin nan. Na Google Ads ya zo da sauƙi, domin ni na buɗe shi tun da farko kuma ina da matsayin Admin, cire su kawai na yi. Da na sani, da ni na buɗe komai da sunanmu, sannan in ƙara su a sashen Partners na Meta da izinin da zan iya janyewa duk ranar da na ga dama.

Yanzu muna da ma'aikaciyar talla ɗaya a gida. Lissafin da ya sa muka ɗauke ta mai sauƙi ne: kashi 15 cikin 100 yana kai albashin mutum ɗaya idan kuɗin tallar wata ya kusan ninka albashin sau bakwai. Mu mun wuce nan. Sai dai lissafin bai faɗi duka ba, don albashi ba ya raguwa a watan da kasuwa ta yi sanyi, kuma har yanzu muna biyan mai bidiyo daga waje. Ta ɗauki wata uku kafin ta kai inda suka tsaya. Da ta tafi hutu, talla ɗaya ta yi mako biyu tana cin kuɗi a kan jakar da ta ƙare a sito, babu wanda ya lura.

Amma tana zaune kusa da masu amsa saƙonnin masu saye. Ita ta ji ana yawan tambayar ko kwamfuta za ta shiga wata jaka, ta sa aka ɗauki bidiyo ana zura kwamfuta a ciki, kuma shi ne bidiyon da ya fi kowanne kawo mana ciniki a bana. Rahotonta yana farawa ne da littafinmu: sabbin masu saye nawa, nawa aka kashe a kan kowanne. Abokin kasuwancina yana so mu sake kiran tsohon kamfanin su yi mana bidiyoyin ƙarshen shekara, a kan kuɗi tsayayye, a cikin asusunmu. Na yarda, amma na ce wannan karon ni zan rubuta takardar.