Sharhi: malamar da ke gyara sakin layin Faransanci ta waya

Idan kana da ɗalibi a gida da ya fara koyon Faransanci, kuma jinsin suna da daidaita sifa ne ke kayar da shi, ina ganin kuɗin da za ka biya wannan malama ba zai tafi a banza ba. 'Yar Maraɗi ce, tana karɓar rubutu ta WhatsApp, ana biyanta a kan kowane sakin layi. Na kai mata aikin 'yata, wadda ke shirin jarrabawar Faransanci ta matakin farko, wato DELF A1, inda ake neman ɗalibi ya rubuta ɗan saƙo na aƙalla kalma 40. Ni kaina na iya Faransanci na baki saboda harkar kasuwa, amma kunne ba ya kama wasu daga cikin irin waɗannan kurakurai, shi ya sa na nemi mai ido.

Ga abin da yarinyar ta rubuta:

« Je suis content. Ma maison est grand et blanc. La marché est loin, mais l'eau est bon ici. Mon école est très joli. J'ai une problème : mes chaussures marron sont vieux. »

Kafin ta taɓa komai sai da malamar ta tambaya: "Alhaji, mai rubutun nan mace ce ko namiji?" Jimlar farko ce ta jawo tambayar. Je suis content daidai ne a bakin namiji, amma mace contente za ta rubuta. Babu yadda za a yi a gane wannan daga takardar kaɗai, kuma tun daga nan na san ba aikin gaggawa take yi ba.

Hoton da ta dawo da shi bai ƙunshi amsa ko ɗaya ba. Ta ja layi ƙarƙashin kowane suna, ta sa alamar tambaya a kansa, sannan ta zana kibiya daga sunan zuwa kowace kalma da ke binsa a jinsi da adadi. Ta ce wa yarinyar ta buɗe ƙamus na Larousse ta duba kowane suna, ta rubuta n.m. a kan na namiji, n.f. a kan na mace, sai bayan ta gama wannan za ta waiwayi sifofi. Dalilinta mai ƙarfi ne. Sifa mabiyiya ce, idan aka ɓata jinsin suna tun farko, duk ƙoƙarin da aka yi wajen daidaita sifar zai tafi ne a kan kuskure.

Da aka bi wannan hanya, kurakurai 8 suka fito, huɗu daga ciki na rashin sanin jinsin suna ne, amma biyu kacal ne suka bayyana a fili: le marché ne, kuma un problème ne. A kan na farkon malamar ta yi bayanin da ya burge ni. Ta ce ɗaliban da Hausa ce harshensu ba sa shan wahalar fahimtar jinsi, domin mun saba da farin gida da farar riga. Inda suke faɗawa rami shi ne ɗauko jinsin kalmar Hausa su jingina wa ta Faransanci. Kasuwa mace ce a wurinmu, sai hannu ya rubuta la marché. Ruwa namiji ne, sai aka samu l'eau est bon, alhali eau mace ce, bonne ya kamata. Haka rana da wata suke juyewa: le soleil namiji, la lune mace. Shi kuwa problème, wata al'ada ce ta daban ta haifar da shi, wato zaton duk sunan da ya ƙare da harafin e mace ne. Le livre da le musée da le lycée duk sun ƙaryata wannan zato.

Inda na fi ganin gwanintarta shi ne wuraren da jinsin ya ɓuya. Idan suna ya fara da wasali, le da la duk suna komawa l', don haka l'eau ba ta nuna maka komai. Mon école ya fi wannan ruɗarwa. Yarinyar ta ga mon ta ɗauka école namiji ne, ta rubuta joli. Ashe ana sa mon a gaban sunan mace idan ya fara da wasali, don sauƙin furuci, kamar yadda ake cewa mon amie. Saboda haka mon ɗin daidai ne, joli ce ke buƙatar gyara zuwa jolie, kuma joli da jolie furucinsu ɗaya, ko sau nawa na karanta da ƙarfi ba zan ji bambanci ba. Dabarar da malamar ta ba ta ita ce ta daina haddace irin waɗannan sunaye da l', ta riƙa haddace su da un ko une, ko kuma tare da sifar da ake jin ƙarshenta: une école, une eau froide.

Sauran na siffar sifa ne. Grand ta zama grande da ƙarin e kawai, amma blanc ba ta bin wannan, blanche take zama. Vieux kuma sai da aka yi mata tambaya biyu, jinsi da adadi: chaussures mace ce kuma jam'i, don haka vieilles. A nan ma Hausa ba ta taimaka, tunda mu idan suna ya zama jam'i jinsi ya ɓace, fararen gidaje da fararen riguna duk ɗaya, amma Faransanci yana riƙe da jinsin har cikin jam'i.

Akwai kalma ɗaya da ta kewaye da koren alƙalami ta rubuta "kar ki taɓa", wato marron. Yarinyar da ta ga gyara ya yi yawa ta so ta ƙara mata s. Malamar ta hana, ta ce launukan da asalinsu sunan wani abu ne, irin marron da orange, ba sa canzawa. Na ji daɗin wannan sosai, domin ɗalibin da aka nuna wa kurakuransa kaɗai yakan koma ya ɓata abin da ya yi daidai.

Yanzu abin da bai gamsar da ni ba. Bayaninta na murya ne, kuma yana da tsawo, ga shi tana yawan zarcewa da Faransanci a tsakiya, wanda ya yi wa mai fara koyo nauyi. Ƙa'idar ƙarshen kalmomi, cewa masu ƙarewa da -tion mata ne, masu ƙarewa da -ment da -age galibi maza ne ban da irin su la page da la plage da une image, a cikin murya ta faɗe ta da sauri, sai da muka yi ta maimaita saƙon muna rubutawa. Da ta turo shi a rubuce da ya fi amfani. Amsa ma takan yi jinkiri, don haka wanda zai miƙa aiki gobe da safe kada ya dogara da ita a daren yau. Kuma iyakar abin da aka biya take dubawa: idan jinsi da sifa ka ce, ba za ta shiga maganar aikatau ba sai an yi sabon ciniki.

Wanda ke son a miƙo masa gyararren rubutu ya kwafe, wannan ba wurinsa ba ne, domin sai ɗalibi ya gyara da hannunsa ya mayar mata kafin ta tabbatar. Shawarata ga iyaye ita ce ku faɗa mata jinsin mai rubutun tun a saƙon farko, ku tanadi ƙamus mai nuna n.m. da n.f., sannan ku roƙe ta ta haɗa da taƙaitaccen bayani a rubuce.