Efoksi, gam ɗin fomeka ko farin gam: wanne za a sa a ina?

"Salamu alaikum. Ina zaune a Jidda. Teburin shagona fomekarsa ta ɗago, ƙafa ɗaya na rawa, ƙarfen da ke kusurwa kuma ya ɓalle. Wane gam zan saya guda ɗaya ya yi min duka?"

Wa'alaikumus salam ƙanena. Ayyuka uku ne a gabanka, kuma ko ka sayi mafi tsada a cikinsu, guda ɗaya ba zai gamsar da kai ba, don kowanne da yadda yake kamawa.

Mu fara da ƙafar. Farin gam na kafintoci, wanda masu shago a nan ke kira gira abyad, ruwa ne a cikinsa. Katako yana shanye ruwan, gam ɗin ya shige cikin ƙofofin itacen ya bushe a ciki. Shi ya sa katako da katako babu kamarsa, kuma shi ya sa ba ya yi a kan ƙarfe ko gilashi, tunda ba su shan ruwa. Sharaɗinsa biyu ne. Dole ka kankare tsohon gam har sai ainihin itacen ya fito, sannan dole haɗin ya zauna cif. Cire ƙafar, ka goge, ka mayar da ita ba gam ka gani. Idan sai ka ɗan buga take shiga, farin gam ne maganinta: shafa, matse kamar awa ɗaya, kada ka ɗora kaya sai bayan awa 24. Idan kuwa ramin ya buɗe har tana lilo a ciki, farin gam zai tsuke ya bar rami, kafin wata ya zagayo rawar ta dawo. A nan efoksi, gam mai bututu biyu da ake cakuɗawa, ya fi shi, don shi yana cike gurbi ba ya tsukewa. Da yake Jidda akwai laima, in ka sami farin gam mai alamar D3 a jikinsa, ɗauki shi.

Fomeka kuwa faɗi gare ta, ga rashin kauri, ba ta shan ruwa, kuma ba ka da abin matse ta ko'ina lokaci guda. Wannan aikin gam mai ruwan ɗorawa ne, wanda a gida muke ce wa Ibostik, a nan kuma an fi saninsa da Bateks. Inda mutane ke ɓata shi shi ne gaggawa. Ana shafa shi ne sirara a fuska biyu, da teburin da bayan fomekar, a bar su a buɗe minti 10 zuwa 15. Taɓa da bayan yatsa: in ya biyo yatsan bai yi ba, in ya yi danƙo-danƙo bai biyo ba, lokaci ya yi. Wanda ya haɗa shi da ɗanyensa ya rufe tinar da ke cikin gam ɗin ba ta fice ba, daga baya sai ka ga fomekar ta kumbura. Da zarar fuskokin sun haɗu ba gyara, don haka jera ƙananan sanduna a tsakani, ka daidaita, ka riƙa zare su ɗaya bayan ɗaya kana dannawa daga tsakiya zuwa baki. Ƙarfin dannawar ne ke kama shi, ba daɗewarta ba.

Zafi abokin gabarsa ne. Teburin da ke shan ranar Jidda, ko wanda ake dire butar shayi a kansa, gam ɗin zai yi laushi baki ya sake ɗagowa, to sa wani abu ƙarƙashin butar. Kuma don Allah kada ka shafa shi a shago rufe da esi ko kusa da murhun gas, tururinsa yana kama wuta yana kuma hawa kai.

Ƙarfen kusurwa na efoksi ne, mai bututu biyu irin su Araldayit. Karce ƙarfen da samfefa har ya yi haske, goge maiƙon da tina, matso biyun daidai wa daida, ka cakuɗa sosai har launin ya zama ɗaya. Ɗaya daga cikin bututun biyu shi ne mai busarwa, kada ka ƙara shi don ya yi sauri, sai ma ya ƙi sandarewa. In washegari farce na shiga jikinsa, awon ne ko cakuɗawar ba ta yi ba, sai ka kankare ka sake. Mai minti 5 a zafin bazara yana iya fara kamawa kafin ka gama daidaitawa, ni na fi son mai jinkirin, ya ma fi ƙarfi. Kada ka matse shi sosai har ya tsiyaye ya bar haɗin ba komai. Idan akwai ramin sukuru a jikin ƙarfen, ɗaura masa sukuru bayan gam ɗin, domin kusurwa ce ke shan karo kullum.