Sharhi: tsakanin Unsubscribe da Report spam a akwatin Gmail

Na yi amfani da maɓallan biyu, kuma abin da ke raba su tambaya ɗaya ce: kai ne ka ba mai aiko saƙon adireshinka?

In kai ne, a ce wani kantin intanet da ka taɓa sayen waya a wurinsa, danna Unsubscribe da ke sama, gefen sunan mai aikowa. Shi na fi amincewa da shi, domin yawanci Gmail ne da kansa ke miƙa buƙatar cire sunanka, ba sai ka shiga shafin kowa ba. Tun 2024 Google ya wajabta wa masu aika saƙo 5,000 a rana ko fiye zuwa akwatunan Gmail su samar da wannan hanya a saƙonninsu na talla, su kuma cire mutum cikin kwana 2. In mako ya wuce suna ci gaba da aikowa, sun cancanci Report spam, wato maɓallin kai ƙarar saƙo.

Mahaɗin cire suna da ke can ƙasan saƙo kuwa sai an yi hattara. Mai aikowa ne ya rubuta shi, duk inda ya ga dama zai kai ka. In ɗan damfara ne, dannawar kaɗai ta shaida masa adireshin nan na aiki, sai saƙonni su ƙaru. Mafi muni, ya buɗe maka shafi mai kama da na bankinka yana neman kalmar sirri ko BVN. Cire suna ba ya buƙatar ko ɗaya daga cikinsu. Kafin ka taɓa komai, buɗe bayanan mai aikowa ka karanta abin da ke bayan alamar @. In bai dace da sunan kamfanin ba, Report spam kawai.

Amma shi ma Report spam yana da tasa illar, kuma ita aka fi mantawa. Ɗauki ɗan kasuwar Mile 12 a Legas da ke aika kaya Kano, kamfanin jigilarsa na turo masa talla da rasit daga adireshi guda. Ya gaji da tallar, ya kai ƙararta. Daga nan matatar Gmail na iya tura rasit ɗin ma zuwa Spam, inda saƙo ke gogewa bayan kwana 30. Ranar da gardama ta tashi kan kuɗin mota, shaidarsa ta tafi. Alamar ita ce saƙon da ka saba gani ya ɗauke ɗif. Leƙa Spam, ka danna Not spam tun kafin wa'adin ya cika.

Shi ma mai aikowa yana cutuwa: Google na son ƙorafi ya tsaya ƙasa da kashi 0.3 cikin ɗari, wato 3 cikin saƙo 1,000. Ƙaramar ƙungiya da ke aika sanarwa ga membobinta, mutum kaɗan ne za su danna, sanarwar ta daina isa ga sauran.