Kashi 10 na farashin littafi ko kashi 15 na abin da ya shigo: wanne ya fi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malama ce a wata ƙaramar sakandare kusa da Ringim, na kammala littafin labari na 'yan makaranta. Kamfani biyu sun ba ni takarda. Na farko zai biya ni kashi 10 na farashin littafi da kafin alƙalami naira 60,000. Na biyu ya ce kashi 15 na abin da ya shigo hannunsa, da kafin alƙalami naira 150,000. Duka sun ce za a sayar da shi naira 2,000, bugun farko kwafi 3,000. Wanne zan sa wa hannu?

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya sanya albarka a wannan aiki. Ki ɗauki na farko, amma kada ki sa hannu sai an gyara wurare biyu ko uku da zan nuna miki.

A takardar farko lissafin a fili yake. Kashi 10 na naira 2,000 shi ne naira 200, kuma wannan ne kasonki a kowane kwafi da aka sayar, ko a kantin littattafai na Sabon Gari a Kano aka saye shi, ko wani dillali ne ya ɗauko shi zuwa Haɗeja. Idan kwafi 3,000 ɗin suka ƙare, naira 600,000 ne naki. Rangwamen da kamfani ya yi wa mai kanti ba ruwanki da shi, daga nasa kason yake fita.

A takarda ta biyu kuwa, ba naira 2,000 ake ɗora kashi 15 ɗin a kai ba. Kamfani ba ya sayar wa 'yan littattafai a farashin da mai karatu yake biya, dole ya rage musu don su ma su samu abin da za su ci. A ce ya rage musu kashi 40. Naira 1,200 ce za ta shigo hannunsa, kashi 15 nata kuma naira 180 ne. Kin ga kashi 15 ɗin ya koma ƙasa da kashi 10. A kwafi 3,000 kin tashi da naira 540,000. Idan ragin kashi 30 ne, kamfani ya karɓi naira 1,400, ke ki samu naira 210, a nan na biyun ya ɗan wuce na farko da naira goma. Inda suke yin kunnen doki shi ne idan ragin ya kai ɗaya bisa uku na farashi. Da ya haura haka, asara kike yi. To littafin makaranta kuma a dunƙule aka fi sayensa: mai makaranta ya ɗauki katan biyar, dillali ya ɗauki ashirin, kowannensu yana neman a sassauta masa. Ranar da aka rage rabi, naira 150 za ki samu a kwafi. Kuma ba ke kike yanke ragin ba, ba kya wurin ma lokacin da ake cinikin.

Na san wani dattijon malamin firamare a wajen Kazaure da ya rubuta ɗan littafin koyon karatu, yarjejeniyarsa a kan farashin littafi take. Da takarda ta yi tsada aka ɗaga farashin littafin daga naira 800 zuwa 1,500, kasonsa ya tashi da kansa daga naira 80 zuwa 150, bai rubuta wa kowa wasiƙa ba. Idan ya shiga Kano sai ya leƙa kanti ya tambayi kuɗin littafinsa, ya dawo gida ya yi lissafinsa a bayan rijistar aji, kuma idan takardar kamfani ta iso sai ta zo daidai da abin da ya rubuta. Da kuɗin yake sayen takin damina, hankalinsa kwance. Abin da nake so a wannan tsari ke nan: mutum yana ƙauye yana iya bin diddigin haƙƙinsa da biro kawai.

Tsarin abin da ya shigo ba haramun ba ne, kamfanonin littattafan makaranta da yawa da shi suke aiki, kuma idan kason ya kai 18 ko 20 ana iya zama a tattauna. A kashi 15 dai ban ga abin sha'awa ba.

Akwai abin da ya fi ragin haɗari, shi ne yadda aka fassara "abin da ya shigo" a cikin takardar. Ki nemi sakin layin da ya bayyana shi ki karanta a tsanake. Idan ya ce kuɗin da kamfani ya karɓa bayan an cire rangwamen masu sayarwa da littattafan da aka dawo da su, to lissafin da na yi a sama ya tsaya. Idan kuwa ya ƙara da cewa bayan an cire kuɗin ɗab'i, sufuri, talla "da sauran ɗawainiya", to kason riba ake ba ki, ba kason ciniki ba. Duba yadda yake zama: naira 1,200 ta shigo, aka ce ɗab'i ya ci 700, mota da talla sun ci 100, saura 400. Kashi 15 na 400 naira 60 ne. Kwafi 3,000 su ƙare tas ki tashi da naira 180,000, alhali a ɗaya takardar 600,000 ne. Kuma waɗannan kuɗaɗen ɗawainiya kamfani ne yake rubuta su da hannunsa, ba ki da hanyar ƙaryata shi.

Na san naira 150,000 ɗin ce take jan ido, musamman ga mai jiran albashi. Amma kafin alƙalami ba kyauta ba ne, kuɗinki ne na gaba aka miƙo miki tun yanzu, kuma ba za ki sake ganin ko sisi ba sai kasonki ya cike shi. A takardar farko, naira 60,000 a raba da 200, kwafi 300 ke nan. Daga na 301 kin fara karɓa. A ta biyu, idan naira 180 kike samu, sai an sayar da kwafi 834. Idan kuma waccan fassarar ta naira 60 ce, sai an sayar da 2,500, wato bugun farko ya kusa ƙarewa ba ki karɓi ƙarin komai ba. Amfanin babban kafin alƙalami ɗaya ne: idan littafi bai karɓu ba, kin riga kin riƙe wani abu. Shi ma sai in takardar ta faɗa ƙarara cewa ba a mayar da shi don rashin ciniki. Abin da aka saba shi ne a nemi a mayar da shi kawai idan marubuci ya kasa miƙa rubutun, ke kuma naki a kammale yake. Ki roƙi kamfanin farko ya ɗaga nasa zuwa naira 100,000, rabi ranar sa hannu, rabi ranar da littafi ya fito, a rubuta watan da zai fito ɗin. Ki kuma tabbata ba a ce za a cike kafin alƙalamin wannan littafi daga kuɗin wani littafinki na gaba ba. Kowane littafi da nasa lissafin.

Yanzu ga wuraren gyara a takardar da na ce ki ɗauka. Yawancin littattafanmu ba a buga farashi a bangonsu, saboda haka "farashin littafi" sai an faɗi wanne. Ki sa a rubuta cewa farashin da ke jerin farashin kamfani ne a lokacin da aka sayar da kwafin. Idan aka kafe shi a naira 2,000, baɗi littafi ya koma 3,500 ke kina nan a kan naira 200. Sannan irin wannan yarjejeniya takan ɓoye wani layi da ke cewa idan rangwame ya kai wani mataki, ko an sayar wa gwamnati ko makarantu a dunƙule, kasonki zai koma kan abin da ya shigo. Wannan layin yana iya mayar da takardar farko ta zama ta biyu, tunda nan ne kasuwar littafinki take. Idan sun ƙi cire shi, a taƙaita shi ga ragin da ya wuce kashi 50, a kuma rubuta mafi ƙarancin nairar da za ki samu a kowane kwafi.

Sai maganar mallaka, wadda ta fi kason nauyi. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ta kare rubutu tsawon rayuwar mai shi da shekara 70 bayan rasuwarsa, ma'ana gado ne da zai kai ga 'ya'yanki da jikoki. Dokar ta ce sallama haƙƙi, ko bai wa kamfani ɗaya tilo izinin bugawa, sai a rubuce yake inganta. Don haka abin da ke takarda shi ne magana, alkawarin baki na manaja ba ya tsaya miki. Ki ba da izinin bugawa na shekara biyar ko bakwai, kada ki sallama mallaka gaba ɗaya. Izinin ya tsaya ga littafin takarda cikin Hausa. Fim, karantawa a rediyo ko a intanet, da fassara zuwa wani harshe su zauna a hannunki, in kuma kamfani ne ya samo cinikin a raba kuɗin bisa kason da aka rubuta. A ƙara cewa idan littafi ya ƙare a kasuwa, kika rubuta musu, wata shida ko tara suka wuce ba su sake bugawa ba, izinin ya dawo gare ki.

Ba ki tambaya ba, amma zan faɗa: a wannan harka akwai marasa tsoron Allah, kuma ba a kason suke cuta ba, a yawan kwafi ne. A ce miki an buga 3,000 alhali 5,000 aka buga, ko a sake bugu ba a sanar da ke ba. Kashi 10 na farashi ba ya kare ki daga wannan. Abin da zai taimaka shi ne yarjejeniya ta wajabta musu turo bayanin lissafi duk wata shida, mai nuna kwafin da aka buga, wanda aka sayar, wanda aka bayar kyauta da wanda ya rage a sito, tare da ranar biya. Ki nemi haƙƙin tura akanta ya duba littattafan cinikinsu sau ɗaya a shekara. Idan sun ce za su riƙe wani abu saboda littattafan da masu kanti kan dawo da su, a sa masa iyaka, kamar kashi 20, a sake shi a lissafi na gaba. Ke ma ki sa ido: idan an ce miki bugun farko bai ƙare ba shekara uku, amma kina ganin sababbin kwafi a kanti da takarda mai wani launi ko bango mai wani sheƙi daban, to an sake bugu. Ki sayi guda, ki karɓi rasit mai kwanan wata ki adana. Duk kamfanin da ya ce ki kawo kuɗin ɗab'i sannan ya ba ki kashi 10, ki tattara takardunki ki fito, wanda ya zuba kuɗin bugu shi ne mai littattafan.

Kafin ki sa hannu ki nemi su ba ki mako biyu, ki kai takardar ga lauya ko wani tsohon hannu a Ƙungiyar Marubuta ta Najeriya reshen Jigawa ko Kano ya karanta miki layi-layi. Kowane shafi ku sa masa hannu ke da su, kuma ki karɓi kwafinki mai hatimi a ranar, kada ki yarda a ce za a aiko miki daga baya.