Na biya naira 15,000 aka yi wa takenmu ado da imoji, Google ya kakkaɓe su

Sana'ar gidanmu banda ce. Muna sayen tarwaɗa daga masuntan fadamar Haɗeja, mata su ƙyafe ta a bayan gida, mu ɗaure a kwali mu ɗora a mota zuwa Kano, Kaduna da Abuja. Da yake ni ne mai ɗan boko a gidan, shafin intanet ɗin da muka buɗe bara a wuyana ya rataya. Ba wani babba ba ne, shafuka shida ne kacal.

Bayan babbar salla wani abokin cinikinmu ya haɗa ni da wani yaro mai aikin kwamfuta a Kano. Da ya duba shafin sai ya ce, "Malam, ai takenka ya fi kifin naka bushewa. Bari in sa masa imoji, duk wanda ya yi bincike idonsa a kanka zai fara sauka." Na yi dariya, muka daidaita a naira 15,000. Kwana biyu ya gama. Ga abin da ya rubuta a babban shafin:

```html
<title>🔥🐟 Kifi Banda Na Haɗeja ✅ Mai Araha ⭐⭐⭐⭐⭐ 🐟🔥</title>
```

A gajeren bayanin da ke fitowa ƙarƙashin take kuma ya jera abubuwa uku, kowanne da alamar ✅ a gabansa: busasshe ƙarau, babu ƙwari, ana aikawa ko'ina.

Na shiga Search Console, dandalin da Google ya tanadar wa masu shafi, na danna Request indexing don Google ya sake ziyartar shafin. Bayan wajen mako guda, da daddare ina zaune a dakalin ƙofar gida, inda sabis ya fi kamawa, na rubuta "kifi banda Haɗeja". Muka fito, amma tsirara. Kalmomin suna nan, babu wuta, babu kifi, babu tauraro ko ɗaya. A shafin farashi ma abin ya fi haka, don Google bai yi amfani da taken yaron ba sam, ya ɗauko babban kanun da ke cikin shafin ya ɗora a madadinsa.

Zuciyata ta fara raya mini cewa an ci kuɗina ba a yi aiki ba. Kafin in kira shi in yi abin kunya, sai na yi gwajin da ya kamata kowa ya fara yi: a Chrome na rubuta `view-source:` a gaban adireshin shafin, rubutun da ke ƙarƙashi ya bayyana, na nemo layin `<title>`. Imojin suna nan cif, yadda ya sa su. To nan ne bambancin. Idan ka duba ba ka gan su ba, ko ka ga alamun tambaya da wasu tarkacen haruffa a gurbinsu, matsalar daga gidanka take, wataƙila shafin ba a kan tsarin adana haruffa na UTF-8 yake ba. Idan kuwa suna nan amma ba sa fitowa a bincike, injin binciken ne ya cire su da kansa, kuma babu maɓallin da za ka danna ka tilasta masa.

Abin da yaron bai gaya mini ba, ko da yake ina kyautata zaton ya sani, shi ne taken da ka rubuta shawara ce kawai kake ba Google. A 2015 ya daina nuna imoji a sakamakon bincike bayan wasu kamfanoni sun cika shi da su, a 2017 ya dawo da su, amma sai inda ya ga sun dace da abin da mutum ke nema. A watan Agustan 2021 kuma ya sauya yadda yake zaɓar take, daga baya ya ce kusan kashi 87 cikin 100 ne yake amfani da wanda mai shafi ya rubuta. Ragowar shi ke zaɓa, kuma taken da aka cusa wa tarkace yana cikin waɗanda yake saurin maye wa gurbi. Imoji ba ya ɗaga shafi sama, ba ya kuma saukar da shi.

Taurarin nan biyar su na fi jin haushin kaina a kai. Taurarin da ake gani a ƙarƙashin wasu sakamako daga ra'ayoyin masu saye suke fitowa, ta wata hanya dabam da ake shigar da su cikin shafi. Ka zana naka da hannu a cikin take, kamar mai tallar fura ne ya tsaya yana yi wa furarsa shaida. Da ma sun fito, ai yaudarar mai saye ce, kuma irin wannan ne ake fara sharewa. Ga cin wuri: a kwamfuta take ba ya wuce faɗin fiksel wajen 600 kafin a datse shi, wato haruffa 55 zuwa 60, imoji ɗaya kuma ya fi harafi faɗi.

Alamar ✅ ta cikin bayanin ce ta ɗan tsira. Wani binciken in gan ta, wani kuma Google ya watsar da bayanin gaba ɗaya ya tsinto jimla daga cikin shafin. Alamar ₦ kuwa ba ta taɓa ɓata ba, haka ɗ ɗin Haɗeja, don su rubutu ne, ba ado ba. Akwai wani shafi namu da yaron ya rubuta takensa da haruffan nan masu kauri da samari ke kwafowa suna sawa a sunansu na Facebook. Waɗancan alamomin lissafi ne da suka yi kama da haruffa, kuma babu ƙ, ɗ da ɓ a cikinsu, sai ɗ ɗinmu ta fito siririya a tsakiyar ƙattai kamar akuya a garken shanu. A ranar na sa ya cire.

Amma in faɗi gaskiya, aikin bai tashi a banza ba. Yawancin cinikinmu ta WhatsApp yake zuwa, ba ta bincike ba. Duk sanda na tura adireshin shafin a zauren 'yan kasuwa, ɗan akwatin da ke fitowa yana nuna imojin tsaf, ba a taɓa komai. A cikin saƙonni ɗari na masu shinkafa da riɗi da zoɓo, ɗan kifin nan yana sa babban yatsa ya tsaya. Wata Hajiya daga Kaduna ta kira ta ce, "Ɗana, kai ne mai hoton kifin nan?" Kwali biyu ta saya.

Da na kira yaron na zayyana masa duk wannan, bai yi gardama ba. Ya ce, "Malam, a yi haƙuri, akwai gyara." Ashe WhatsApp da Facebook suna fara duba wani layi dabam mai suna `og:title`, sai in babu shi ne ake komawa kan taken asali. Sai ya raba su, bai ƙara karɓar ko sisi ba:

```html
<title>Kifi Banda na Haɗeja - Farashin Kwali a ₦</title>
<meta property="og:title" content="🐟 Kifi Banda na Haɗeja, Sabon Ƙyafi">
```

Tun daga nan Google yake nuna takenmu yadda aka rubuta, masu WhatsApp kuma suna ganin kifinsu guda ɗaya. Ya so ya ƙara imoji a sunan shagonmu na Google Maps, na hana, don ƙa'idar can ita ce suna ya zama yadda yake a allon shago, kuma ana iya dakatar da wanda ya yi ƙari.

In za a tambaye ni, aikin farko bai kai naira 15,000 ba, gyaran da ya yi kyauta ne ya ci kuɗin. Zan sake ba shi aiki, amma sai ya fara nuna mini a wayata yadda abin ke fitowa a bincike kafin in cika masa ragowar. Da na nuna wa Baba sabon taken, ya ɗaga wayar nesa da ido ya daɗe yana kallon kifin, sannan ya ce wannan ai karfasa ce, ba tarwaɗa ba, in gaya wa yaron ya sa mata gashin baki.